Yadda ɗigogin fuska ke daidaita fuska biyu kafin a haɗe su

Tambaya: Malam, ina koyon sarrafa hotuna da kwamfuta, kuma na gwada wata manhaja da ke ɗora fuskar mutum a kan ta wani. Wani lokaci fuskar takan zauna daram, wani lokaci kuma ido ya karkace ko baki ya sauka ƙasa. Ta yaya manhajar take sanin inda za ta ajiye ido da hanci da baki kafin ta haɗe fuskokin, kuma me yake jawo kuskuren?

Amsa: Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, duk aikin daidaitawar nan yana komawa ne ga lambobi huɗu kacal, waɗanda manhajar take lissafowa daga ɗigogin da ta sanya a kan fuskokin biyu. Lamba ɗaya tana faɗin yawan girman da za a ƙara wa fuskar ko a rage mata, ɗaya tana faɗin yawan juyin da za a yi mata, sauran biyun kuma suna faɗin nisan da za a matsar da ita gefe da kuma sama ko ƙasa. Idan ɗigogin sun zauna daidai, kuma bambancin da ke tsakanin fuskokin irin wanda lambobi huɗun nan za su iya gyarawa ne, sai fuska ta zauna daram. Idan ɗaya daga cikin sharuɗɗan biyu ya faɗi, babu irin gwanintar shafe baki da gyaran launi da za ta ɓoye aibin.

Kafin a kai ga ɗigogi, sai an fara gano fuskar kanta. Wani ɓangare na manhajar yakan bi hoton ya zana akwati mai kusurwa huɗu a kewaye da kowace fuska, kuma wannan akwatin bai san komai game da ido ko hanci ba, iyakarsa ya ce fuska tana nan. Daga nan sai ɓangare na biyu ya karɓi akwatin ya sanya ɗigogi a cikinsa. Tsarin da ɗalibai suka fi haɗuwa da shi shi ne na ɗigo 68 da ke cikin dlib, wani kundin kayan aiki na masu rubuta manhaja. An horar da tsarin da wani tarin hotunan fuska mai suna iBUG 300-W, kuma kowane ɗigo yana da lambarsa da ba ta canzawa. Daga 0 zuwa 16 layin muƙamuƙi ne daga kunne zuwa kunne, daga 17 zuwa 26 gira biyu, daga 27 zuwa 35 hanci, daga 36 zuwa 41 idon da ke hagun hoto, daga 42 zuwa 47 ɗaya idon, sannan daga 48 zuwa 67 baki, ciki da wajensa. Wannan tsayayyen jeri shi ne ginshiƙin komai, domin ɗigo na 30 ƙarshen karan hanci ne a fuskar kowa, saboda haka manhajar ba ta buƙatar ta yi kokonton wane wuri a fuska ta farko ya dace da wane wuri a ta biyu.

Yadda ake samo ɗigogin yana da muhimmanci, domin a nan ne wani babban kuskure yake ɓoye. Hanyar da dlib ke bi ta samo asali daga aikin Vahid Kazemi da Josephine Sullivan na 2014. Ana fara ɗora matsakaiciyar fuska, wato tsaka-tsakin siffar dukkan fuskokin da aka yi horo da su, a cikin akwatin. Sai a duba hasken wasu fiksel da ke kusa da ɗigogin, a kwatanta su bibbiyu, a matsar da ɗigogin kaɗan bisa abin da aka gani, a sake dubawa daga sabon wurin, a sake matsarwa, har zagaye da dama. Ma'anar wannan ita ce, tsarin kullum sai ya ba ka ɗigo 68 cif, ko ya ga wurin ko bai gani ba. Idan hannu ya rufe baki, ko hijabi ya rufe gefen kumatu, ko gemu mai kauri ya ɓoye haɓa, ba zai ce maka bai gani ba, sai dai ya ajiye ɗigogin inda yake tsammanin ya kamata su kasance, kuma lissafin da zai biyo baya zai ɗauke su tamkar gaskiya.

Bari mu yi lissafin da hannu da ɗigo biyu, domin da zarar ka yi shi sau ɗaya, ba za ka sake kallon aikin a matsayin siddabaru ba. Ka tuna cewa a hoton kwamfuta ana ƙirga x daga hagu zuwa dama, ana ƙirga y daga sama zuwa ƙasa. Mu ce a hoton A, wato fuskar da za a ɗauko, tsakiyar idanu tana (220, 300) da (320, 300), an samo kowace ta hanyar ɗaukar matsakaicin ɗigo shida na idon. Tazarar idanu fiksel 100 ce, kuma kan a miƙe yake tunda y ɗinsu ɗaya ne. A hoton B, inda za a ɗora fuskar, idanun suna (400, 250) da (544, 292). Daga ido zuwa ido an tafi 144 a kwance da 42 a tsaye, wanda ya ba da tazarar 150. Saboda haka dole a ƙara girman fuskar A sau 1.5, kuma a juya ta kusan digiri 16.3, domin mutumin da ke B ya karkatar da kansa zuwa kafaɗa.

Ana haɗe girma da juyi su zama lambobi biyu, a da b, sannan a nemo matsawar da za ta kai idon farko wurinsa:

```
a = 144/100 = 1.44      b = 42/100 = 0.42
x' = a*x - b*y + tx     tx = 209.2
y' = b*x + a*y + ty     ty = -274.4
```

Idan ka saka (320, 300) a ciki, za ka samu (544, 292) daidai wa daida, wato idanun biyu sun hau kan juna ba tare da ragowar ko fiksel ɗaya ba. Kada wannan ya ruɗe ka, domin ɗigo biyu suna ba da lambobi huɗu, abubuwan da ake nema ma huɗu ne, don haka dole lissafin ya fito cif ko da ɗigogin ba daidai suke ba. Gwajin gaskiya yana kan ɗigo na uku. Mu ce ƙarshen hanci a A yana (270, 360). Lissafin zai kai shi (446.8, 357.4), amma a B an gano hanci a (452, 366). Tsakaninsu akwai kusan fiksel 10, wato kusan kashi 7 cikin ɗari na tazarar idanu. Idan ka rarraba wannan ragowar bisa karkatar fuskar B, za ka ga kusan 7 nata sun nufi wajen haɓa, kusan 7 kuma sun nufi gefe. Na farkon yana nuna cewa hancin B ya fi tsawo, na biyun kuma yana nuna cewa B ya ɗan waiga. Babu ɗaya daga cikinsu da ƙara girma ko juyi ko matsawa za su iya kawarwa, kuma wannan ita ce iyakar lambobi huɗun da na ambata.

Dogaro da idanu kaɗai yana da wani haɗari na daban, shi ne duk kuskuren da ke cikinsu yana yaɗuwa zuwa sauran fuskar, kuma yana ƙaruwa gwargwadon nisa. Idan ɗigon ido ɗaya a A ya sauka da fiksel 3 saboda ƙyallin tabarau, juyin zai kauce da kusan digiri 1.7. A wajen ido ba za ka lura ba, amma haɓa da ke da nisan fiksel 130 daga layin idanu za ta matsa gefe da kusan fiksel 4, waɗanda za su zama 6 bayan an ƙara girma. Idan kuma fuskar ƙarama ce a hoto, tazarar idanunta 30 kacal, wannan kuskuren na fiksel 3 zai zama juyin kusan digiri 6, wanda kowa zai gani. Wannan ne dalilin da ya sa hoton da aka ɗauka daga nesa, ko wanda aka yi ta turawa daga waya zuwa waya har ya dusashe, yake ba da sakamako mai karkace.

Maganin shi ne a yi amfani da ɗigogi da yawa a bar su su raba kuskuren a tsakaninsu. Da zarar ɗigogi sun wuce biyu, babu lambobi huɗun da za su sa kowanne ya hau kan abokinsa, saboda haka sai a nemi waɗanda za su sa jimillar tazarar da ta rage, bayan an ninka kowace da kanta, ta zama mafi ƙanƙanta. Ana kiran wannan lissafin Procrustes, daga sunan wani mutum a tatsuniyar Girkawa da yake tilasta wa baƙinsa su yi daidai da tsawon gadonsa, kuma hanyar da aka fi bi wajen warware shi ita ce wadda Shinji Umeyama ya wallafa a 1991. Matakanta masu sauƙin fahimta ne. Ana nemo tsakiyar ɗigogin kowace fuska a mayar da ita sifili, wanda ya cire batun matsawa. Sai a nemo juyi guda da ya fi kusantar da tarin ɗigogin biyu, a auna girma daga yadda ɗigogin kowace fuska suka bazu daga tsakiyarsu, daga ƙarshe a mayar da matsawar. Gudummawar Umeyama da ta fi amfani a nan ita ce, hanyarsa tana hana lissafin ya kifar da fuska kamar a madubi, abin da kan iya faruwa idan ɗigogin sun lalace sosai. A misalinmu, sakamakon shi ne maimakon idanu su zauna cif hanci ya kauce da 10, sai kowane sashe ya kauce da 'yan fiksel kaɗan, kuma idon mai kallo ya fi yafe wannan.

A ganina, zaɓen ɗigogin da za a saka cikin lissafin ya fi yawansu muhimmanci, kuma a nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe, domin suna zuba duka 68 suna tsammanin yawa shi ne inganci. Ɗigogin muƙamuƙi 17 su ne mafiya rauni. Ba su zaune a kan wata alama tsayayya kamar kusurwar ido, suna bin gefen fuska ne kawai, kuma gefen fuska yana canzawa da zarar mutum ya waiga, sannan su ne gemu da mayafi suka fi rufewa. Ga shi kuma sun fi kowane ɗigo nisa daga tsakiya, don haka sun fi jan lissafin girma da juyi. Idan mai siririyar fuska da mai faffaɗar fuska suka haɗu, muƙamuƙi zai sa a kumbura fuskar farko har idanunta su wuce na biyun. Leɓen ƙasa ma haka yake, tunda yana sauka idan an buɗe baki, gira kuma tana ɗagawa da mamaki. Abin da ya fi tsayuwa shi ne kusurwoyin idanu, karan hanci da gindinsa, sai kusurwoyin baki idan ba dariya ake yi ba. Shi ya sa tsare-tsare irin su MTCNN da RetinaFace suke ba da ɗigo biyar kawai, wato idanu biyu, ƙarshen hanci da kusurwoyin baki biyu, kuma don daidaitawa zalla biyar ɗin nan sukan wadatar.

A OpenCV, kundin kayan aikin sarrafa hoto, aikin layi biyu ne. Layin farko yana lissafo lambobin daidaitawa daga ɗigogin A da na B ya ajiye su a M, na biyu kuma yana amfani da M ya daidaita hoton A:

```python
M, _ = cv2.estimateAffinePartial2D(pts_a, pts_b, method=cv2.LMEDS)
sabo = cv2.warpAffine(hoto_a, M, (fadi, tsawo))
```

Ka lura da abu ɗaya a layin farko. Idan ba ka faɗi hanya ba kamar yadda na faɗi LMEDS a sama, umarnin yana amfani da wata hanya mai suna RANSAC, wadda take watsar da duk ɗigon da ya kauce fiye da fiksel 3. Tunda fuskokin mutum biyu ne daban, ɗigogi masu kyau da yawa za su wuce wannan iyaka, kamar hancin misalinmu, sai a ƙare da lissafin da ya dogara da ɗigogi ƙalilan kuma yake iya tsalle daga hoto zuwa hoto. Akwai kuma estimateAffine2D, wanda yake ba da lambobi shida maimakon huɗu, wato yana iya miƙe fuska a tsaye daban a kwance daban, har ya goce ta. Ragowar kuskure takan ragu da shi, amma da tsada, domin tsawon fuska da faɗinta da tazarar ido da baki suna cikin abin da ake gane mutum da shi, kuma idan ka miƙe su ka fara goge kamannin da kake son ɗaukowa.

Layi na biyu yana aiki ne ta baya. Ba ya ɗaukar fiksel ɗin A ya jefa su gaba, domin idan aka ƙara girma sau 1.5 hakan zai bar ramuka. Yakan bi kowane fiksel na sabon hoton ya tambayi daga ina ya fito a A, kuma tunda amsar yawanci takan faɗa tsakanin fiksel huɗu, sai ya gauraya launinsu gwargwadon kusanci. Wannan gaurayawar ce take sa fuskar da aka ƙara wa girma ta fi wuya da kunnuwan da ke kewaye da ita laushi, don haka ya fi kyau fuskar A ta kasance ta fi ta B girma tun asali.

To yaya ake yi da ragowar fiksel goman nan? Tsohuwar hanya ita ce a yanka fuskar zuwa ƙananan alwatika da ɗigogin suke zama kusurwoyinsu, bisa tsarin Delaunay, a yi rabon sau ɗaya a riƙe lambobin ɗigogin kowace alwatika, sannan a miƙe kowace alwatika ta A ta cika takwararta ta B. Da wannan kowane ɗigo yana hawa kan abokinsa cif, amma abin da ka samu shi ne fatar A a kan ƙirar B, kuma idan bakin A a rufe yake na B a buɗe, siraran alwatikan da ke tsakanin leɓɓa za su miƙe su cika ramin baki da launin leɓe, ba haƙori ba harshe.

Manhajojin zamani suna bin wata hanya, sai dai ba su rabu da lissafin da muka yi ba. Maimakon a daidaita A kai tsaye da B, ana daidaita kowacce da wani tsayayyen ma'auni. Wanda ya shahara shi ne na tsarin gane fuska na ArcFace. Murabba'i ne mai fiksel 112 a kowane gefe, inda idanu suke zama kusan (38, 52) da (74, 52), hanci kusan (56, 72), kusurwoyin baki kuma kusan (42, 92) da (71, 92). Daga yankin A ana ciro lambobin da ke wakiltar kamannin mutumin, sai wata ƙirar kwamfuta da aka horar da hotunan fuskoki ta zana sabuwar fuska a kan yankin B, da waigen B da yanayin bakinsa da haskensa. Daga nan sai a juya lissafin B baya, da umarni irin cv2.invertAffineTransform, a mayar da sabuwar fuskar wurinta a hoton asali. A nan daidaitawa tana aiki sau biyu, kuma kuskurenta ma sau biyu yake cutarwa. Ƙirar ta saba ganin ido a wuri ɗaya a duk horonta, don haka yankin da ya karkace yana ba ta abin da ba ta sani ba, sannan wajen mayarwa ana ƙara wa kuskuren girma. A ma'aunin nan tazarar idanu kusan 35 ce, a hoton B kuma 150, wato kowane fiksel ɗaya na ma'auni ya zama fiye da huɗu a hoton ƙarshe.

Babbar iyakar da ba a tsallakewa ita ce waige. Karkatar kai zuwa kafaɗa juyi ne a shimfiɗar hoto, kuma lissafin yana gyara shi sarai. Amma idan mutum ya juya kansa hagu ko dama da digiri 30, tazarar idanunsa a hoto takan ragu zuwa kusan kashi 87 cikin ɗari, wato 150 ta koma kusan 130, alhali tsawon fuskarsa bai canza ba. Lissafin da ya dogara da idanu zai ɗauka fuskar ce ta ƙanƙance, ya ba da girma 1.3 maimakon 1.5, sai baki ya haura sama da inda ya kamata. Bayan haka, rabin kumatu ya ɓuya, gefen hanci ya bayyana, kuma waɗannan abubuwa ne da hoton A mai kallon gaba bai ƙunsa ba. Tsare-tsare irin MediaPipe, da ke ba da ɗigo 468 tare da ƙiyasin zurfin kowanne, suna taimakawa wajen auna waigen, amma ba sa samar da fatar da kyamara ba ta gani ba.

Sai bayan duk wannan ake zuwa haɗewa. Ana zana shacin da ya kewaye ɗigogin waje, a ɗan tsuke shi ciki, a dusashe bakinsa, sannan a gyara launi ko a yi amfani da cv2.seamlessClone, wanda yake riƙe zanen fuskar A amma ya ɗauki haske da launi daga bakin shacin a B. Wannan matakin launi yake gyarawa, ba ya motsa komai daga wurinsa. Idan girar A ta zauna ƙasa da ta B kuma shacin ya ratsa tsakaninsu, za ka ga gira biyu. Idan shacin ya zarce gefen kumatu ya taɓa bango ko mayafi, launin bangon zai malalo cikin fata. A bidiyo kuma akwai ƙarin matsala, domin ana gano ɗigogi a kowane hoto daban, kuma ko mutum bai motsa ba sukan yi rawar fiksel ɗaya ko biyu, sai fuska ta riƙa karkarwa a kan kai. Ana rage wannan da gauraya ɗigogin yanzu da na baya, amma idan gaurayawar ta yi yawa, sai fuskar ta riƙa bin kai a makare duk lokacin da aka juya da sauri.

Ina roƙonka ka yi gwajinka da hotonka ko na wanda ya ba ka izini a fili, domin fuskar mutum mutuncinsa ce, kuma an ɓata sunan mutane da dama, musamman mata, da wannan fasahar. Ilimin nan kuma shi ne yake ba ka idon gane hoton bogi, tunda gira biyu, laushin tsakiyar fuska da karkarwa a gefen kumatu duk sawun daidaitawa ne.

Game da hotunanka da suka karkace, kada ka fara da taɓa launi ko shaci. Ka zana ɗigogin da lambobinsu a kan hotunan biyu ka duba da idonka, musamman kusurwoyin idanu da gindin hanci. Idan sun zauna daidai, sai ka wuce da ɗigogin A ta cikin M, ka zana su a kan B da wani launi, ka auna tazarar kowanne da abokinsa ka raba da tazarar idanun B. Idan ɗigo ɗaya ko biyu ne suka yi nisa sauran suna kusa, ganowa ce ta yi kuskure, sai ka cire su ka sake lissafi. Idan dukkan ɗigogin hanci sun kauce gefe guda, waige ne, kuma maganinsa shi ne ka nemo wani hoton A da yake kallon inda B yake kallo. Idan kuwa idanu sun zauna amma baki ya sauka ko ya haura gaba ɗaya, ka duba ko lissafinka da idanu kaɗai aka yi shi, ka ƙara masa hanci da kusurwoyin baki.